Ranar nuna zanen asibitin unguwa, a faɗa wa jama'a abin da bai tabbata ba

Masu zanen gini da 'yan kwamitin raya mazaɓa, da ku nake. Idan za ku tara mutane a ƙofar gidan mai unguwa ku nuna musu hotunan ƙaramin asibitin da ake shirin ginawa, ku sani duk abin da idonsu ya gani a hoton nan alkawari suka ɗauke shi. Hoton kwamfuta yana fitowa tas: farin fenti, koren kwano, bishiyoyi sun yi inuwa, motar asibiti a ƙofa, ma'aikaciyar jinya tana murmushi. Shi mai zane ya san waɗannan ado ne da ya ɗora a kan taswira. Tsohuwar da ke zaune a bakin tabarma ba ta san haka ba. In aka gama gini ba ta ga mota ba, ba ta ga inuwa ba, cewa za ta yi an cinye kuɗin, kuma ba wanda zai ga laifinta tunda ba a taɓa gaya mata ba.

Ra'ayina shi ne jawabin ranar ya zama gajere, minti biyar ya isa, amma rabinsa ya tafi a kan abin da zai iya canzawa, da dalilin canjin, da ranar da za a rufe karɓar gyara. Yabon masu ba da kuɗi da tarihin yadda aka faro maganar duk su jira wani zaman.

A ɗauki misalin unguwar da ta samu fili, aka yi mata zanen asibiti mai ɗakin ganin majinyata, ɗakin haihuwa, ɗakin kwanciyar mata, ɗakin magani da wurin riga-kafi, da rumfar jira da gidan ma'aikata. Ga irin abin da nake so a ji daga bakin mai gabatarwa:

"Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe mai unguwa, Allah gafarta Malam, iyayenmu maza da mata, sannunku da zuwa. Hotuna uku muka kawo. Na farko gaban asibitin ne daga bakin titi, na biyu rumfar jira, na uku kuma ginin ne kamar an ɗage rufi ana leƙo ɗakunan daga sama. Kwamfuta ce ta zana su, ko bulo ɗaya ba a ajiye ba tukuna.

Abin da ya tabbata shi ne filin, da yawan ɗakunan, da cewa ginin ƙasa ne ba bene ba. Waɗannan an sa hannu a kansu.

Inda kuka ga rijiyar burtsatse a hoton, hasashe ne. Sai masu awon ruwa sun zo sun nuna inda za a haƙa, kuma duk inda ta faɗa, dole a matsar da ban-ɗaki da sokawe nesa da ita. Tsayin fandisho ma sai an gwada ƙasar. Gidan ma'aikatan da ke baya yana cikin kashi na biyu na aikin, kuɗin da ke hannu bai kai shi ba. Motar da kuka gani da bishiyoyin, babu su a kwangilar.

Abu uku kuma na hannunku ne: inda ƙofar mata za ta kasance, inda rumfar jira za ta fuskanta, da ko katanga za a fara yi ko gidan ma'aikata idan kuɗi ya shigo. Hotunan za su zauna a nan mako biyu. Wanda ke da gyara ya kai wa 'yan kwamiti, za a rubuta. Ranar Laraba za mu zauna da mata su kaɗai. Bayan mako biyun za a kai zane neman izini, daga nan gyara ya zama da tsada. Mun gode."

Shi ke nan. Duk jimlar da ke ciki akwai dalilinta, kuma ya kamata mai jawabin ya san dalilan don tambayoyi za su biyo baya.

Maganar fili ita ce ta farko da ake yin sakaci da ita. Ƙa'idar hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa ta ware wa ƙaramin asibiti fili mai murabba'in mita 2,475, babbar cibiyar lafiya ta mazaɓa kuma 4,200. Fuloti ɗaya mai ƙafa 50 da 100 bai wuce murabba'in mita 465 ba, wato ƙaramin asibitin ma yana neman fiye da fuloti biyar. Hoton kwamfuta kuwa yana iya sa fuloti biyu su yi kama da filin idi, saboda mai zane yakan share gidajen maƙwabta ya zuba ciyawa a wurinsu. Don haka kafin taron a je a kafa turaku a kusurwoyin filin, a zaga da igiya ko a zuba toka a kan layin ginin, mutane su taka da ƙafarsu. A nan ne maƙwabci zai ce hanyar da yake fitar da shanunsa ta shiga ciki, kuma gara ya faɗa yanzu.

Rijiya da ban-ɗaki su ne suka fi rusa tsarin da aka nuna. Mai zane yakan ajiye rijiyar a kusurwar da ta fi masa kyau a hoto, alhali ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san da zanensa ba. Ana so a bar tazarar aƙalla mita 30, kusan ƙafa 100, tsakanin rijiya da ramin masai ko sokawe, kuma masai ya kasance ta gangare. A ƙaramin fili, idan awo ya nuna ruwa yana gabas inda aka zana ban-ɗakuna, to ban-ɗakunan za su koma yamma, bututun ɗakin haihuwa zai bi su, wani lokaci har ɗakin haihuwar kansa sai ya sauya gefe. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a ce wa jama'a "ga ɗakin haihuwarku nan" ana nuna wata taga, kafin a yi awon ruwa.

Haka tsayin fandisho. Idan ƙasar laka ce mai tsagewa da rani ta kumbura da damina, ko wuri ne da ruwa ke kwanciya a watan Agusta, injiniya zai iya cewa a ɗaga ginin. Ɗagawar tana jawo wani abu da ba a gani a hoto: gangaren hawa na masu keken guragu da gadon tura majinyaci. Ƙa'idarsa, duk tsayin ƙafa 1 yana buƙatar tsawon ƙafa 12. In an ɗaga daɓe ƙafa 2, gangaren zai kai ƙafa 24, kuma sai an sama masa wuri a gaban ginin. Ɗan kwangilar da bai samu wurin ba yakan yi gajere mai tsini, wanda mai naƙuda ba za ta iya hawa ba ko an riƙe ta. Dattawan unguwa sun fi kowace taswira sanin inda ruwa ke bi, a tambaye su a wurin taron, a rubuta abin da suka ce.

Yanzu abin da ya fi damuna, wato ɓangaren mata. Yawancin masu zuwa irin wannan asibiti mata ne da yara: awon ciki, haihuwa, riga-kafi, zazzaɓin cizon sauro. Amma taron ƙofar gidan mai unguwa maza ne ke cika shi, mata in sun zo ma suna can baya, ba za su ɗaga murya a gaban surukai da iyayen gida ba. Su ne kuwa za su lura cewa ƙofar ɗakin haihuwa tana kallon rumfar da maza ke zama, ko tagarsa tana bakin hanya, ko babu inda mai jinya za ta dafa ruwan zafi ta shanya zannuwa. Macen da ta san sai ta ratsa gaban maza tana naƙuda, sau da yawa gida za ta zauna ta haihu. A yi musu zamansu daban, ungozoma ko ma'aikaciyar lafiya mace ta jagoranta, a ba su hoton nan na sama mai nuna ɗakuna, a bi da yatsa: ga inda adaidaita sahu zai sauke ki, ga ƙofar da za ki shiga, ga ban-ɗakin da za ki zaga. Ƙofar da gado zai wuce ta kai faɗin mita 1.2, wannan ma a duba tun a takarda.

Rumfar jira kuma, a ƙasar Hausa hadari galibi daga gabas yake tasowa da iskarsa, rana kuma ta yamma ita ke gasa bango. Rumfar da aka buɗe gabas feshin ruwa zai kori mutane, wadda aka buɗe yamma ba mai zama a cikinta bayan azahar. Hoton yana nuna inuwar dogon yaro, amma itacen da aka dasa bana sai ya yi shekaru kafin a fake a ƙarƙashinsa.

Dalilin sa wa'adi kuwa a fili yake ga duk wanda ya taɓa tsayawa kan gini. Kafin a haƙa fandisho, matsar da ƙofa aikin minti kaɗan ne a kwamfuta. Da zarar an shimfiɗa bututai an zuba daɓen ƙasa, matsar da ban-ɗaki yana nufin fasa kankare. In bulo ya kai linta, sauya taga sai an rushe an sake saye. Mutane ba sa jin haushin wa'adi idan an faɗa musu shi tun farko. Abin da ke ɓata musu rai shi ne su kawo gyara ana rufi a ce musu ai lokaci ya wuce, alhali ba wanda ya taɓa ce musu akwai lokaci.

Kuɗi ma a faɗe shi yadda yake. Farashin siminti da rodi da kwano yana motsi tsakanin ranar ƙiyasi da ranar saye, don haka tayil na iya komawa daɓen siminti, launin kwano na iya sauyawa. Irin wannan a ce wa jama'a zai iya faruwa. Amma a ambaci abin da ba za a taɓa ba ko kuɗi ya gaza: ruwa a ɗakin haihuwa, hasken sola na dare, da firjin riga-kafi, wanda dole ya riƙe sanyin digiri 2 zuwa 8 ko alluran su lalace. Idan kwamiti ya furta wannan a bainar jama'a, ɗan kwangila zai ji nauyin yanke shi a ɓoye.

Sai ma'aikaciyar nan mai murmushi a hoton. Kwangilar gini ba ta kawo ma'aikaci. Turo ungozoma da jami'an lafiya aikin hukumar lafiya matakin farko ta jiha ne tare da ƙaramar hukuma, kuma takardar neman su ya kamata ta tafi tun ana fandisho. Ungozomar da ba ta da wurin kwana a harabar asibiti za ta tashi da la'asar, haihuwa kuwa ba ta zaɓar lokaci. Saboda haka idan aka ba jama'a zaɓi tsakanin katanga da gidan ma'aikata, a bayyana musu wannan kafin su ɗaga hannu. Ni dai gidan ma'aikata zan zaɓa, a kewaye filin da waya tukuna har kuɗin katanga ya samu.

A ƙasan kowane hoto a rubuta da Hausa, da boko da ajami, kwanan watan da aka zana shi da cewa zane ne na shawara. In an yi gyara, a kawo sabon hoton a liƙa kusa da tsohon a inda aka yi taron farko, a zagaye wuraren da suka sauya da jan biro, sannan mai shela ya sanar da ranar da za a sake zama kafin a kai wa hukuma ta buga hatimi.