Ni Na Yi Kukan, Shi Ya Sha Rangwamen

Ƙofar gidan Mai Unguwa, wani ƙauye kusa da Gumel, bayan la'asar.

JAURO: Ranka ya daɗe, ƙara na kawo. Ban ga taki ba, ban ci gero ba, amma bijimina ya tafi kasuwar Maigatari ran Alhamis bai dawo ba.

MAI UNGUWA: Sace shi aka yi?

JAURO: Ni na ja shi da hannuna. Bakanon nan ya ci bashin takin dubu 200 wurin Alhaji, aka ce in dangwala yatsa.

LIMAN: Me aka karanta maka kafin ka dangwala?

JAURO: Wai in bai biya ba, ni ne.

LIMAN: To, lamunin dukiya ka yi. Da na fuska ne, kana kawo shi gaban Alhaji ranar biya ka fita. Ko a na dukiyar, a mazhabarmu ta Malikiyya, in wanda ya ci bashin yana gari kuma yana da abin biya, shi ake fara bi, sai in an sa sharaɗin a bi wanda aka ga dama. Kai, ina kake lokacin?

BAKANO: Legas, Allah gafarta Malam. Ziyara.

JAURO: Ziyarar wata bakwai, waya a kashe! Yanzu ya ba ni dubu 200, da 20 ladan tsayawa.

LIMAN: Lamuni ba a karɓar lada a kansa. Nawa ka ba Alhaji?

JAURO: Dubu 150. Na yi ta kuka har ya ce ya yafe sauran, bashi ya mutu.

LIMAN: To 150 kake bi. Abin da ya fita daga aljihunka shi ke dawowa, ba abin da ke rubuce a takarda ba.

BAKANO: Allah ya saka wa Alhaji da alheri!

JAURO: Ni na yi kukan, shi ya sha rangwamen?

BAKANO: Tsaya ma tukun. Wa ya ga ka biya?

LIMAN: Nan fa ya kama ka. In ya musa, ba shaidu, ba takarda, Alhaji kuma bai amsa ya karɓa ba, alƙali ba zai ba ka ko sisi ba.

JAURO (ya cire malafa, ya zaro takarda): Ga rubutun Alhaji. Dillalai biyu kuma suna tsaye ana ƙirgawa.

BAKANO: Ashe Fulani sun waye. To a yi min haƙuri zuwa kaka.

MAI UNGUWA: Sai ka kawo mai tsaya maka.

BAKANO: Allah gafarta Malam, kai da ka san hukuncin nan ciki da waje...

LIMAN: An kira magariba ko?

MAI UNGUWA: Da saura, Malam.

LIMAN: Alwalata ce ta karye.