Amarya ce ta biya kuɗin hoton, amma fuskar ƙawarta ba tata ba ce

Duk wanda yake bin hotunan biki da masu ɗaukar hoto na Zariya ke sakawa a Instagram da Facebook ya san abin da zan faɗa. Za a jera amarya da ƙawayenta a wurin kamu, kowa ta sha anko, amma idan ka duba da kyau sai ka ga duk launin fatarsu ɗaya ne, hancinsu iri ɗaya, babu mai tabo, babu mai kumatu. Ka san yarinyar da ke gefen dama, 'yar maƙwabtanku ce a Tudun Wada, baƙa ce mai wushirya. A hoton ta koma fara sol, wushiryar kuma an toshe ta. Ra'ayina a nan shi ne, yardar da mutum ya bayar a ɗauke shi hoto ba ta haɗa da yardar a sāke masa kamanni ba, kuma wanda ya biya kuɗin aikin fuskarsa kaɗai yake da iko da ita.

Bari mu bi aikin daga farko, domin yawancin ɓarnar ba da mugun nufi ake yin ta ba. Amarya ta sa farin leshi ko satin mai ƙyalli, an tsaya a zauren biki mai fitilu kala-kala. Na'urar ɗaukar hoto tana auna hasken wurin ne gaba ɗaya, don haka idan farin kaya ya cika hoton sai ta rage haske, fuskar mai duhun fata ta nutse, idanunta ma da ƙyar ake gani. Wannan laifin na'ura ne, kuma gyara shi wajibi ne a kan mai hoto. Zai ɗaga hasken wuraren da suka yi duhu, ya daidaita launin fitilar da ya rina fuskoki da ja ko shuɗi, har yarinyar ta fito kamar yadda idon mutane ya gan ta a wurin. Wannan ba ya bukatar izinin kowa.

Inda ake ƙetare iyaka shi ne mataki na gaba. Mai gyara ya zaɓi fatar kaɗai, ya rage mata ja da ruwan ƙasa, ya ƙara fari. Sai ya shafe ta har ramukan gashi su ɓace. Daga nan ya buɗe Liquify a Photoshop, kayan aikin da ke tura sassan hoto kamar ana tura ɗanyen yumɓu, ya matse kumatu, ya tsuke hanci, ya shigar da ciki. Mintuna kaɗan ne a kan kowace fuska. Amarya ce ta ce masa, “Don Allah a gyara mu sosai,” shi kuma ya ɗauka umarnin ya shafi duk wanda ke cikin hoton.

Gane irin wannan aiki ba shi da wuya. Fuska takan fi fatar wuya da bayan hannu haske, musamman gaɓoɓin yatsu kusa da lalle, domin mai sauri ba ya bi ta kansu. Ƙofa ko labule ko layin tayil da ke bayan mutum yakan lanƙwashe daidai inda aka matse ƙugu. Zanen atamfa yakan miƙe a gefe ɗaya ya cure a ɗaya gefen. To idan baƙo zai iya ganewa, ina ga 'yan ajinsu da dangin saurayinta? Abin da ke biyo baya shi ne tsokana a ƙarƙashin hoton: “Wai ke ce nan? Yaushe kika fara shafe-shafe?” Ita ce za ta sha kunyar aikin da ba ta sa a yi ba. A garin da zancen man bilicin ke iya shiga maganar aure, wannan zargi ba ƙarami ba ne.

Akwai kuma ciwon da ba a rubuta shi a ƙarƙashin hoto. Duk gyaran da aka yi maka ba ka nema ba saƙo ne cewa wani ya kalle ka ya ga aibi. Yarinyar da ba ta taɓa damuwa da duhun fatarta ba, yau ta gane cewa aminiyarta, ko mai hoton aminiyarta, yana ganin sai an wanke ta kafin ta cancanci tsayawa kusa da amarya. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana mu yi wa juna izgili da aibata juna. A fahimtata, wanda ya goge halittar ɗan'uwansa ya yaɗa wa duniya ya kusanci wannan hani, ko da bai buɗe baki ba.

Abin ya fi tsanani a kan tsofaffi. A cikin Birni da ƙauyukan da ke kewaye har yanzu akwai iyaye da kakanni masu tsaga a fuska, wadda da ita ake gane gidansu da asalinsu. Manhajojin waya irin su Remini, da ake ba su hoto mai dishi-dishi su fito da shi tas, ba tono ainihin fuskar suke yi ba. Hasashe suke yi, su zana abin da ya ɓace bisa dubban fuskokin da aka horar da su a kai. Shi ya sa tsaga siririya ko bille kan iya dusashewa ko ya tafi gaba ɗaya, idanu da haƙora su canza. Jika zai saka hoton Hajiya ranar Sallah da kyakkyawar niyya, alhali matar da ke hoton ba ta da shaidar gidansu. Idan kuma hoton mamaci ne da za a yaɗa don sanarwar rasuwa, babu mai fuskar da za a tambaya, saboda haka a bar shi yadda 'ya'yansa suka san shi.

Masu hoto suna da hujjarsu, kuma ba zan raina ta ba. Suna cewa kasuwa ce: idan ka ba da hoto ba gyara, gobe a tafi wurin wani a unguwar PZ ko Samaru da zai yi. Suna kuma cewa ba zai yiwu a bi mutum ashirin a hoton taro ana neman izini ɗaya bayan ɗaya ba. Maganar farko gaskiya ce, amma ta tsaya a kan amarya da ango. Su suka nema, a yi musu yadda suke so. Magana ta biyu kuwa, idan tambayar kowa ta gagara, mafita ita ce a bar kowa yadda yake. Ga ma'aunin da ƙwararrun masu gyaran hoto da yawa ke bi: abin da na'ura ta jawo, ko abin da zai tafi da kansa cikin mako ɗaya ko biyu, kamar gumi, ƙurji, jan-baki da ya taɓa haƙori, ana iya cire shi. Abin da mutum ke kwana da shi ya tashi da shi, wato launi, tsaga, wushirya, tabon haihuwa, ƙiba ko rama, furfura, ba a taɓa shi sai mai shi ya ce a taɓa.

Wannan ya haɗa da gyaran da ake yi da sunan kare mutunci. Wani zai ga gyalen ƙanwarsa ya zame a hoton kammala karatu a harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo, sai ya zana mata wani ya saka. Niyyar mai kyau ce, amma tura mata ta gani tukuna ya fi, domin wataƙila abin da za ta zaɓa shi ne kada hoton ya fita sam.

Yadda ake tambayar ma yana da nasa haɗarin. Idan ka ce wa mace, “In rage miki kumatun nan?” ka riga ka yi zagin, ko ta amsa ko ba ta amsa ba. Abin da ya dace shi ne a tura mata hoton bayan an daidaita haske kawai, ita kaɗai, ba a zauren ƙawayen amarya na WhatsApp ba, a ce: “Ƙawata, ga hotonmu. Ina so in saka shi a shafina. Kin yarda? Akwai abin da kike so a taɓa, ko a bar shi haka?” Idan ta nemi gyara, a yi, a sake nuna mata kafin a saka. Ga babba kuwa, ɗa ko jika ya kai wayar da hannunsa: “Gwaggo, ga hoton da aka ɗauka, a sa wa 'yan'uwa su gani?”

Sai kuma a saurari amsar da kunnen Bahaushe. Mu mutane ne masu kara da alkunya. Ƙawar amarya ba za ta so a ce ita ce ta ɓata wa mutane farin ciki ba, ɗaliba ba za ta iya musa wa malaminta ba, amaryar gida ba za ta ce wa yayar miji a'a ba. “To, ba komai” da aka faɗa bayan dogon shiru sau da yawa ƙi ne da aka lulluɓe. Wanda ya fi ƙarfi a tsakanin biyun shi ya kamata ya sauƙaƙa hanyar ƙin, ya ce, “Wallahi in ba ki so, sai in sa wani, hotunan suna da yawa.” Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta tafi a kan wannan fahimta: ta ce shiru ko rashin motsi ba yarda ba ne, mutum yana da damar janye yardarsa, kuma yaron da bai kai shekara 18 ba iyayensa ko mai riƙonsa ake tambaya. Mai sana'ar hoto da ke tallata aikinsa da fuskokin mutane ya kamata ya san da wannan. Wasu ƙasashen sun bi ta wata hanyar: tun 2017 Faransa ta wajabta a rubuta a jikin hoton talla cewa an gyara shi idan an sauya surar jikin mai tallar, Norway ma ta fara aiki da irin wannan doka a 2022. Waɗannan dokoki mai kallo suke karewa. Damuwata a nan ita ce wanda ke cikin hoton.

Idan an riga an saka, mai fuskar ta yi magana, kada a tsaya gardamar “ai kyau na ƙara miki.” A sauke hoton nan take, a ba ta haƙuri, a tura mata na asali. Status na WhatsApp yana ɓacewa bayan awa 24, amma wanda ya riga ya adana hoton a wayarsa yana nan da shi, don haka a bi waɗanda aka san sun sake sakawa a roƙe su su cire. Wannan ne ma dalilin da ya sa mai hoto ya kamata ya riƙa ajiye na asalin daban, kada ya yi gyara a kansa. Amaren da ke shirin biki bayan Sallah kuwa, lokacin da ake cinikin kuɗin aiki ne ya fi dacewa a gaya wa mai hoto a fili: ni da ango a yi mana gyaran da muka zaɓa, ƙawaye da dangi a daidaita musu haske kawai, kuma kada hoton kowa ya hau shafin tallarka sai ya gani ya amince.