Kati ya ɓata? A rufe shi tukuna, nema ya biyo baya

Jama'a, akwai wata ɗabi'a tamu ta mutanen karkara da nake so mu yi magana a kanta. Mutum ya laluba aljihu bai ji katin ATM ɗinsa ba, sai ya shiga nema. A zazzage aljihun riga, a ɗaga katifa, a tambayi uwargida, a aiki yaro shagon mai POS ya duba ko can aka bar shi. Idan ba a gani ba a ce bari gari ya waye, ƙila yana cikin wandon da aka kai wanki. A ganina wannan tsari a juye yake. Abu na farko shi ne ka ɗauki waya ka rufe katin, sannan ka yi ta nema har gobe idan ka ga dama. Rufewar ba ta kai minti biyu ba in akwai sabis, kuma a bankuna da yawa ana iya sake buɗe shi idan ya fito.

Hujjar da na fi ji ita ce: ai wanda ya tsinta bai san lambar sirrina ba. To, mu faɗa wa juna gaskiya. Nawa ne a cikinmu suke miƙa wa mai POS kati, su faɗi lambar da ƙarfi a gaban layi saboda ba sa son danna na'urar? Nawa ne suka rubuta ta a 'yar takarda suka cusa cikin leda ɗaya da katin? Wasu kuma shekarar haihuwarsu ce, ga katin zaɓe a jaka ɗaya yana nuna ta. Ko babu wannan duka, jikin katin kansa kuɗi ne. Doguwar lambar da ke gaba, da watan ƙarewarsa, da lambobi uku na baya sun isa a yi sayayya a wasu shafukan intanet ba tare da an nemi komai daga wayarka ba. Sannan akwai katunan da ake ɗorawa kan na'ura kawai ba a zura su. A 2023 Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade irin wannan biya a kan naira 15,000 a lokaci guda, 50,000 a yini, kuma ƙasa da wannan iyaka ana iya biya ba tare da lambar sirri ba. Ga mai kuɗin birni ƙila ba komai ba ne. Ga manomi kuwa 50,000 kuɗin taki ne.

Ga yadda abin ya faru da wani dattijo maƙwabcinmu. Ranar Juma'a ya kai sa kasuwar Wudil, aka yi ciniki, mai saye ya tura masa naira 850,000 a asusu. Kafin ya hau mota ya tsaya wajen masu POS a cikin cunkoso zai ciri 20,000 na cefane da kuɗin mota. Ya faɗi lambarsa da baki kamar yadda ya saba, aka ba shi kuɗi, aka miƙo masa kati, ya jefa a aljihu. Katin kalar bankinsa ne, amma ba nasa ba ne, an musanya. Bayan magariba ƙaramar wayarsa ta yi ƙara, ya miƙa wa ɗansa ya ce duba min wannan saƙon. An ciri 100,000. Kafin su gama mamaki wani ya shigo, 100,000 kuma. Dattijo ya zaro kati daga aljihu yana cewa ai ga shi nan a hannuna, yaya za a yi a cira? Sai da yaron ya haska fitila ya ga lambobi huɗu na ƙarshe ba su yi daidai da waɗanda ke cikin saƙon ba.

Ku lura da ranar. Daren Juma'a ne, banki ba zai buɗe ba sai Litinin, kuma reshen da ya fi kusa sai an biya kuɗin mota. Da sun ce sai Litinin, da kwana biyu cur ɓarawo ya samu yana zagaya masu POS. Abin da ya taimake su, manhajar bankin tana kan babbar wayar ɗan, shi ke yi wa baban tiransifa. Ya hau kan tudun bayan gida inda sabis ya fi kamawa, ya rufe katin. An tafi da 200,000, amma 630,000 sun tsira.

Matakan ba su da yawa. Ka buɗe manhajar ka shiga da lambarka ko yatsanka. Ka nemi inda aka rubuta `Cards`, wasu bankunan suna ajiye shi a ƙasan fuskar waya, wasu sai ka shiga `More` ko `Services`. Idan kana da kati fiye da ɗaya za ka ga kowanne da lambobinsa huɗu na ƙarshe, don haka ka natsu ka zaɓi wanda ya ɓata, kada ka rufe na hannunka ka bar na ɓarawo yana aiki. Daga nan za ka ga `Freeze` ko `Lock`, ko kuma `Block` ko `Hotlist`, ya danganta da banki. Idan an tambaye ka dalili ka zaɓi `Lost` in ɓata ya yi, `Stolen` in sace shi aka yi. Sai a nemi lambar da kake tura kuɗi da ita a manhajar, wadda ba lallai ta zama ɗaya da ta katin ba, ko a turo maka lamba ta saƙo ka shigar.

Bambancin waɗannan kalmomi shi ne inda mutane ke ruɗewa. `Freeze` kamar ka rufe rumbu da kwaɗo ne makulli yana aljihunka: ba mai ɗiba, amma duk sadda ka so ka buɗe. `Block` ko `Hotlist` kuwa a yawancin bankuna kashe katin ne gaba ɗaya, ko ka tsince shi bayan awa ɗaya ya zama roba, sai ka karɓi sabo. Shawarata: idan kana zaton a gida ka yar da shi, kuma manhajarka tana da na wucin gadin, danna shi ka ci gaba da nema. Idan kuwa an ciri ko naira ɗari ce ba da saninka ba, ko an musanya maka, ko a kasuwa ya faɗi, kashe shi kawai. Ko wani bawan Allah ya kawo maka shi washegari, ba ka san hannu nawa ya bi ba, kuma ɗaukar hoton gaba da bayansa bai fi ƙiftawar ido ba. Kuɗin sabon kati 'yan dubu kaɗan ne ko ƙasa da haka, bai kai a tsaya ana jinjina shi ba.

Sai matsalarmu ta ƙauye, wato sabis. Za ka danna, abin ya yi ta juyawa yana juyawa, can ya ɓace, kai kuma ka ɗauka ya yi. Kada ka yarda da wannan. Ka fita ka sake shiga `Cards`, ka ga da idonka an rubuta `Blocked` ko `Frozen` ko `Inactive` a jikin katin. In har yanzu `Active` yake nunawa, to aiki bai yi ba, ka canja wuri ka maimaita. Idan ya nuna ya rufu, ka ɗauki hoton fuskar wayar yadda lokaci zai fito. Wannan hoton zai yi maka amfani idan aka zo jayayya a banki kan wane kuɗi ya fita kafin rufewa, wane ya fita bayanta.

Idan data ta ƙare, ko manhajar ta ƙi buɗewa, ko mai katin irin su Baba ne masu ƙaramar waya, akwai lambobin gaggawa da ake dannawa kamar na duba kuɗin kira. Na Zenith `*966*911#`, na Access `*901*911#`. Waɗannan yawanci asusun gaba ɗaya suke dakatarwa, ba katin kaɗai ba, ma'ana kai ma ba za ka iya fitar da kuɗi ba sai ka je reshe an buɗe. Magani ne mai ɗaci, amma yana aiki ba data. Kowa ya tambayi na bankinsa tun yanzu ya rubuta a littafin gida tare da lambar asusunsa. Lambar kiran banki ma a bayan katin take, kuma ranar da kake buƙatarta katin ba ya hannunka.

Wani abin da ya kamata a gane: rufe kati ba rufe asusu ba ne. Idan waya da kati suka tafi tare, misali an yanke aljihu a tasha, rufe katin kaɗai bai isa ba. Layinka yana hannun ɓarawo, duk lambar tabbatarwa da banki zai turo shi zai gani, kuma a wasu bankunan da layin da lambobin ƙarshe na kati ana iya sake saita lambar tura kuɗi. A nan sai ka ari wayar wani ka danna lambar gaggawar, ka sa lambar asusunka ko ta wayar da aka sace, sannan ka kira kamfanin layin su rufe shi. Shi ya sa ba na son ganin masu cusa kati a bayan kwandon waya.

Rufewa tana tsayar da ɓarna ne kawai, ba ta dawo da abin da ya riga ya fita. Don wannan sai an shigar da ƙorafi. Ka buɗe tarihin asusun a manhajar, ka rubuta kowace cira da lokacinta da adadinta da sunan wurin da ya fito a saƙon, ka tura ta sashen ƙorafi na manhajar ko ka kira su a daren, ka karɓi lambar ƙorafinka. Ranar Litinin ka je reshe da katin shaida ka rubuta a takarda, ka sanar da 'yan sanda idan sata ce. Idan mako biyu ya wuce banki bai warware ba, kana da damar kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. Amma kada in yaudare ku, kuɗin da aka cira da kati da lambar sirri daidai yana da wuyar dawowa, domin a wajen banki kamar kai ne ka cira.

Kuma don Allah a daina zuwa ƙarƙashin shafin banki a Facebook ana rubuta katina ya ɓata ga lambata. Masu damfara a nan suke kwana. Minti kaɗan za a kira ka da murya mai daɗi, Alhaji daga banki ne, za mu rufe maka katin, karanto mana lambar da ta shigo wayarka yanzu. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayar lambar sirrinka, ba ya tambayar lambobi uku na bayan kati, ba ya tambayar lambar da aka turo ta saƙo. Da ka ji an nemi ɗaya daga ciki ka kashe wayar, ka kira lambar da ka kwafa daga bayan katinka.

Ku matasa da kuke riƙe wa iyaye manhaja, yau da daddare ku buɗe ku ga inda maɓallin yake a bankinsu, ba sai kun danna ba. Ku kuma nuna wa Baba lambobi huɗu na ƙarshen katinsa ya haddace su, ko ku ɗiga masa jan fenti a kusurwa, yadda duk sadda mai POS ya miƙo masa zai duba kafin ya sa a aljihu.