Kauri da sheƙi ba su ne ingancin takardar talla ba

Mutane da dama in sun je maɗaba'a buga takardar talla mai ninki uku, sai su ce a ba su mafi kauri, mai sheƙi, wai ita ce ta manya. Ba haka abin yake ba.

Ana auna nauyin takarda da giram a kowace murabba'in mita, abin da ake rubutawa gsm. Mai ninki uku ta fi dacewa da 130 zuwa 170. In ta kai 300 ta zama kati, dole a fara matsa mata layi kafin a ninke, in ba haka ba tawadar ta tsage, farin takarda ya leƙo. Shi ya sa mai zane ke guje wa launi mai duhu a kan ninki.

Mai sheƙi tana fito da hoto rangaɗau, musamman na abinci ko atamfa, amma a rana tana kashe ido, ƙananan rubutu ya yi wuyar karantawa, biro kuma ya riƙa zamewa. Makarantar da ta sa fom na cikewa a bayan takardarta, marar sheƙi ce tata. Sai dai launi yakan ɗan dusashe a kanta, don haka a ƙara wa hotunan haske, a buga gwaji ɗaya a duba tukuna.