Kafin a buga kwali, a karanta dokar ƙasar mai saye

Abin yana damuna idan na ga mai fitar da kaya ya gama sarrafawa, ya buga dubban kwalaye, sannan ya tashi neman mai fassara. A ganina an yi aikin ne a baibai. Rubutun jikin kwali doka ce kafin ya zama talla, kuma jami'in kwastan zai riga mai saye karanta shi.

Mu ɗauki mai yin biskit da riɗi a ciki, yana son kai shi Amurka da Kanada da Jamus. Biskit ɗaya ne, amma kwali uku zai buga. A Tarayyar Turai, dokar 2011 kan bayanin abinci ta lissafa abubuwa 14 da jikin wasu mutane ba ya karɓa, har da riɗi da alkama da madara, kuma dole a fito da sunansu fili cikin jerin kayan haɗi, misali da baƙin rubutu mai kauri. Har girman haruffa an ƙayyade: a kwali madaidaici kada ƙaramin harafi ya gaza milimita 1.2. Amurka ba ta wajabta bayyana riɗi ta wannan hanyar ba sai Janairun 2023, don haka wanda ya kwafi tsohon kwali ya jawo wa kansa. Kanada kuwa tana son bayanan dole da Ingilishi da Faransanci. Harshe biyu na cin wuri, shi ya sa ba a liƙa fassara daga baya. Tun wajen zane ake bar mata gurbi.

Sai kwanan wata. Idan ka buga 03/04/2027, Bajamushe zai karanta 3 ga Afrilu, Ba'amurke kuma 4 ga Maris. Wata guda ke nan ya salwanta daga rayuwar kayanka a kan kanta, ko kuma, in aka juya, wani ya ci abin da ya wuce lokacinsa. Rubuta sunan watan da haruffa ya raba gardama.

Wasu za su ce kwali uku tsada ne, kuma gaskiyarsu. To amma a kwatanta da kuɗin ajiya da ke hawa kullum yayin da kwantena ke zaune a tashar jirgin ruwa, ga ma'aikata suna liƙa gyara da hannu kwali bayan kwali.

Al'ada kuma ba ta cikin littafin doka. A Sin, fari launin makoki ne, kuma ana gudun lamba 4 domin furucinta ya yi kama da kalmar mutuwa. Irin wannan ba a gano shi daga ofis. A buga kwali ashirin na gwaji, a aika wa dillalin can, ya ajiye su a kanta kusa da na abokan gasa, ya tambayi masu saye me suke zaton yana ciki tun kafin su buɗe.