Ba buga gem ne yake cinye maka data ba

Tun da na bar gida na zo inda nake zaune yanzu wayfay ɗin ɗakina ba shi da iyaka, na saba in kunna na'urar buga gem ta PS5 in bar ta ta yi abin da ta ga dama, ban taɓa duba nawa ta ci ba. Ƙanena kuwa can gida da hotsifot ɗin wayarsa yake haɗa tasa, kullum kuka yake data ba ta kai masa sati. Sai da wayfay ɗina ya lalace na yi kwana tara ina jonawa da waya sannan na gane abin da yake fama da shi, kuma na gane laifin ba na wasan ba ne.

A ƙa'ida buga gem da mutane ta intanet ba ya cin wani abu sosai. Abin da na'urar take aikawa saƙonni ne ƙanana, wane ya matsa nan, wane ya buga ƙwallo, hoton kuwa ita ke zana shi a cikinta. Na duba a wayata bayan awa ɗaya ina buga ƙwallo, bai kai 100MB ba. To ka lissafa, in kana da 5GB kana buga awa biyu kullum da dare, 200MB ke nan, sai ta kai ka kwana 25. Amma afdet ɗaya na babban gem zai iya haura 10GB, ka ga tun bai kai rabi ba ya share maka komai.

Matsalar ita ce na'urar ba ta san da waya ka haɗa ta ba. A wajenta wayfay wayfay ne, tana ganin intanet sai ta fara sauke duk abin da take bin bashi, kuma tun asali an ƙera ta ne don irin gidan da nake ciki, ba don mai ƙirga data ba. Wallahi wannan na damuna, ya kamata a ce akwai maɓalli ɗaya da za ka danna ka ce mata datata kaɗan ce.

Tunda babu, sai ka kashe da hannu, kuma kafin ka haɗa hotsifot ɗin, ba bayan ka haɗa ba. A PS5 ka shiga Settings, sai Saved Data and Game/App Settings, sai Automatic Updates ka kashe Auto-Download. Sannan ka koma System, Power Saving, Features Available in Rest Mode ka kashe Stay Connected to the Internet. Wannan na biyun shi ne ya cuci ƙanena, yana gama wasa sai ya sa ta barci ya bar hotsifot a kunne wayar na caji, shi yana barci ita tana sauke afdet na gem ɗin da ya yi wata bai taɓa ba, da safe ya tashi ba ko ɗigo. Mai Xbox kuma ya shiga System, Updates ya cire alamar Keep my games & apps up to date.

Amma kar in yaudare ka, wannan ba ya hana afdet na dole. In gem ɗin da kake bugawa ya fito da sabo, ba zai bar ka ka shiga wasa da mutane ba sai ka sauke. Abin da ka samu kawai shi ne yanzu kai ke zaɓa, ka duba girmansa tukuna, in ƙarami ne ka sauke, in babba ne ka haƙura da wasan da ba ya buƙatar intanet har ka samu wayfay mara iyaka ka kai na'urar can.

Abu ɗaya da wayfay ɗin gida ya fi hotsifot nesa ba kusa ba shi ne NAT, wato yadda hanyar intanet ɗinka take barin na'urarka ta haɗu da ta sauran masu wasa. A ɗakina Type 2 nake gani, ina komawa waya sai ya zama Type 3 mai takurawa, domin kamfanonin waya sukan haɗa mutane da yawa a kan adireshin intanet guda. Alamarsa neman abokin wasa ya daɗe, ko ka shiga hira da abokai a daina jin muryar wani, kuma yawanci babu saitin wayar da zai gyara. Ni dai a kwana taran nan na ajiye wayar kusa da na'urar inda sabis ya fi ƙarfi, na cire kwamfutata daga hotsifot ɗin don ita ma ɓarauniyar data ce, ina gama wasa in kashe shi. Duk kwanakin ban ci 2GB ba, har na ɗau hoton lissafin na tura wa ƙanena.