Ku daina aske kowane layi don ku shiga ambulan

Lokacin tsara kasafin baɗi ya sake zagayowa, kuma na ga abokan aiki a nan Damagaram sun fara abin da ni ma na taɓa yi har na sha kunya. Bari in ba ku labarin, na zagaye alƙaluman don lissafi ya yi sauƙi.

Takarda ta zo mana daga Yamai cewa ambulan ɗinmu, wato iyakar kuɗin da aka ware mana, na kaya da hidimomi a babi na 3, miliyan 24 ne na sefa. Albashi yana babi na 2, gine-gine da manyan kaya suna babi na 5, ba namu ba ne a wannan takarda. Da muka tara buƙatun sassanmu sai suka kai miliyan 31. Darakta ya dube ni ya ce, "Malam, ka daidaita mana shi kafin Alhamis." Na ce, "To, ranka ya daɗe." Na buɗe fom na rage wa kowane layi kusan kashi 23 cikin ɗari. Jimilla ta faɗa daidai kan 24, ba wanda ya yi ƙorafi tunda kowa an taɓa shi daidai wa daida.

Kuɗin wuta da ruwa ne ya tona mini asiri. In ka haɗa takardun biya na wata 12, da na sanyin Janairu da na zafin Afrilu da Mayu lokacin da fanka da na'urar sanyi ba sa hutawa, muna cin jika 450 a wata, miliyan 5.4 ke nan a shekara. Askin da na yi ya mayar da shi kusan miliyan 4.2. Ita kuwa mita ba ta san na rage komai ba, juyawarta take yi. Muna shiga Oktoba layin ya ƙare, muka rufe shekara ran 31 ga Disamba da bashin miliyan 1.2, wanda ya zo ya zauna a kan ambulan ɗin shekarar gaba. Duk layin da kuka ga yana ƙarewa a wata ɗaya kowace shekara, to tun wajen cika fom aka yi masa ƙarya.

Shekarar da ta biyo sai na sake hanya. Na fara ware abin da ba makawa sai an biya: wuta da ruwa 5.4, kwangilar gadi da shara 3.6, bashin bara 1.2. Miliyan 10.2 ke nan, ban taɓa ko dala a ciki ba. Saura 13.8 cikin 24, a nan ne ake gardama, kuma a nan ɗin ma ba aski ake yi ba, aiki guda ake cirewa ɗungurungum. Taron bita biyu muka so, muka bar ɗaya. Rangadi huɗu muka saba rubutawa, muka koma uku da cikakken mai. Zuwa Tanut da dawowa kusan kilomita 300 ne, motarmu tana shan lita 14 a kilomita 100, lita 42 ke nan tun ba ka ratse zuwa ƙauye ko ɗaya ba. In ka rage man da kashi 23, a ina kake so direba ya tsaya? Af, ku riƙa duba takardar farashin ɗan kasuwa, HT ya rubuta, wato ba haraji a ciki, ko TTC, wato har da haraji. Kayan miliyan 2 in aka ɗora TVA na kashi 19 sun zama 2,380,000.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne ɗaya ɓangaren fom ɗin. Tun 2018 da Nijar ta koma kasafi na shirye-shirye, bisa dokar kuɗi ta 2012, alƙalumanmu suna shiga DPPD, takardar tsara kashe kuɗin ma'aikata mai duba shekara uku, da takardar PAP inda ake rubuta abin da za a cim ma. In ka mayar da rangadi uku amma ka bar alƙawarin ziyara huɗu, kai ne za ka tsaya kana kame-kame ranar rahoto. Rage kuɗi, rage alƙawari, a zama ɗaya.

Na san masu cewa a kumbura buƙata tunda za a yanke, ko a ɓoye kuɗin wuta tunda ba za a bar ofishin gwamnati cikin duhu ba. Ban yarda ba. Masu duba kasafi suna da abin da ka kashe bara a gabansu, kuma fom ɗin da ya haura ambulan dawo maka da shi ake yi. Taron da muka cire na rubuta shi a takarda daban, da yawan mahalarta da kwanaki da kuɗin kowane, darakta ya aika wa masu kare kasafin ma'aikatarmu a Yamai. Ba mu samu ba a shekarar. Amma Disamba ta same mu da wuta, kuma mai gadi ya karɓi kuɗinsa.